"Nawa?" sama da hamsin, ciniki ɗaya, shi ma an maido: me zan rubuta ƙasan hoton?

Maman Khairat (Mabera): Assalamu alaikum 'yan uwa teloli, barkanmu da war haka. Shawara nake nema don Allah. Na gama ɗinkakkun atamfa kala takwas, doguwar riga uku, riga da siket uku, bubu biyu, kuma ina so in ɗora su yau da dare a Instagram da sitatus. Abin da ya tsaya mini shi ne rubutun da zan sa ƙasan hoton. Wancan karon, kafin ƙaramar sallah, ga abin da na rubuta: "Sabbin kaya sun sauka masha Allah, super mai kyau, firi sayiz, a yi DM." Wallahi na ƙirga, sun fi mutum hamsin waɗanda suka ce mini nawa. Har ƙarfe ɗayan dare ina amsawa, Baban Khairat yana ta tsaki saboda hasken waya. Ƙarshenta guda ɗaya aka saya, ita ma bayan kwana biyu ɗan kabu-kabu ya maido mini da ita cikin leda, wai zif bai rufe ba. Ba na son a maimaita. Ku taimaka mini da kalmomi masu jan hankali.

Asma'u Arkilla: Wa alaikumus salam Anti. Ni a ganina matsalar Hausar ce. 'Yan matan jami'a su ke sayen ɗinkakku, su kuma in ba su ga Turanci ba gani suke kayan ba na yayi ba ne. Ki rubuta da Turanci, ki sa alamun wuta da zuciya da yawa, ki cika hashtag. Haka manyan shafuka suke yi.

Inna Kulu: Ɗiyata ki sa mata suna Albarka ko Nasara. Suna shi ad da tasiri ga sana'a. Ni shagona tun da nis sa mai Alheri ban ga tsiya ba.

Maman Khairat (Mabera): Inna ba sunan shago ba, ina da shi. Rubutun da ake sawa ƙasan hoto nake nufi 😄

Inna Kulu: Awo, to ban gane ba. Ku yara da wayoyinku.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Maman Khairat, kafin a zo ga kalmomi masu daɗi, amsa mini abu biyu. Wadda ta maido rigar, ƙirjinta inci nawa ne, rigar kuma inci nawa kika yanka? Sannan atamfar da kika kira super, nawa kika sayi turminta?

Maman Khairat (Mabera): Rigar 40 ce a ƙirji Hajiya. Ita kuma da na tambaye ta daga baya ta ce 40 take sawa, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Atamfar kuwa dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar na saya a Babbar Kasuwa. Mai shagon da kansa super ya ce mini.

Hajiya Luba (Gawon Nama): To kin ga inda gizo yake saƙar. Ba kalmomin jan hankali kika rasa ba, ai kin ja hankalin mutum hamsin. Abin da ya faru, rubutunki bai amsa musu komai ba, kuma abu biyun da ya faɗa duka ba haka suke ba.

Mu fara da awo, don shi ya maido miki da kaya. Riga mai 40 ba ta shiga mace mai ƙirji 40. Atamfa auduga ce, ba ta miƙewa ko kaɗan, ba kamar yadin roba ba. In tef ya zagaye ƙirjin mace ya ba da 40, rigar da za ta sa ta yi numfashi, ta ɗaga hannu, ta yi ruku'u, sai ta kai 42. Mun san wannan in mace ta zo gabanmu muna auna ta, hannunmu da kansa yake ƙara incin nan biyu. Amma a ɗinkakku sai mu manta cewa lambar da muke faɗa ta rigar ce, ita kuma mai saye lambar jikinta take ji. Kin ce 40 kina nufin riga, ta ji 40 ta ɗauka jiki. Ke ba ki yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba, zif ne ya raba gardama.

Saboda haka a rubutu kada ki bar lamba tsirara. Ki ce "za ta yi wa mai ƙirji 37 zuwa 38", ita wannan rigar taki mai 40. Awon jikin mai saye za ki rubuta, ke ki yi lissafin a shago. Kuma kalmar firi sayiz ki ajiye ta, sai ga bubu. Bubun ma faɗinsa ne ke yi wa kowa, tsawonsa bai yi wa kowa. Mai tsawo ta sa bubu 54 ya tsaya mata a ƙauri, gajera ta sa 60 tana share titi.

Asma'u Arkilla: Hajiya ba sai a rubuta M, L, XL kawai ba? Kowa ya san nasa.

Hajiya Luba (Gawon Nama): L ɗin wa? Na rigunan gwanjo daban, na abayar da ake kawowa daga Dubai daban, na kayan Caina kuma ƙanana ne. Mace ɗaya tana da L a wannan, XXL a wancan. Tef kuwa ɗaya ne ko'ina. Kuma duk macen da ta taɓa ba da ɗinki, in ba ta haddace awonta ba, telanta yana da shi a littafi, kira ɗaya ne.

Ummu Sudais: Ni ba tela ba ce, saye nake, ƙanwata ta sa ni a zauren nan. Maganar Hajiya gaskiya ce amma ku ƙara da hif. Ni ƙirjina 38, hif ɗina 46. Duk riga da siket da aka ce sayiz ɗina ce, rigar ta shiga, siket ya tsaya a cinya. Yanzu in ban ga hif a rubuce ba wucewa nake, ko tambaya ba na yi.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Kin ji daga bakin mai kuɗin. Ga riga da siket: ƙirji, ƙugu, hif, tsawon siket. Ga doguwar riga mai buɗewa ƙasa, ƙirji da tsawo sun isa. Ga bubu, tsawo kawai.

Maman Khairat (Mabera): Na bar alawus a ciki fa Hajiya, inci ɗaya kowane gefe. In rubuta za a iya ƙarawa?

Asma'u Arkilla: Gefe biyu, inci ɗai-ɗai, inci biyu ke nan za a samu in an farke duka.

Malam Bello Tela (Tsohuwar Kasuwa): A'a Asma'u, lissahin ba haka yake ba, duk da kin hwaɗo bisa amsar. Kowane gehe yadi biyu na, na gaba da na baya. In kinka saki inci guda ga ɗinki guda, riga ta ƙaru da inci biyu, gehe biyu kuwa huɗu. Amma ba a sakin duka, in kinka saki duka mi zare zai kama? Rabi aka saki, rabin inci ga kowane gehe, shi ab ba da inci biyu. To ta rubuta ana iya ƙara inci biyu, kar ta wuce haka. Kuma in atamhwar mai duhu ta, sawun allura na hitowa inda anka farke, sai an jiƙa an goge.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Malam ya gama magana. Yanzu sai super.

Maman Khairat, super ta gaskiya, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a ƙasar Holan, turminta ɗaya ya fi kuɗin rigunanki da yawa in an haɗa. Babu inda ake sayar da ita dubu sha ɗaya da rabi, ko a Kantin Kwari. Mai shagon da ya ce miki super, bakin kasuwa ya yi, yanzu kusan kowace atamfa mai sheƙi haka suke kiranta, kuma masu kwaikwayo har rubutun bakin zanen suke kwafa. Ke da shi kun fahimci juna. Amma da kika rubuta a shafinki, maganar ta zama taki. Mata iri biyu ne za su karanta. Wadda ta san atamfa, tana ganin hoton ta gane, ta ce wannan ko dai ba ta san kaya ba ko ta raina mana hankali, ta wuce. Wadda ba ta sani ba ta saya, ta sa ta tafi biki, wata gwaggo ta murza bakin hannun da yatsa biyu ta ce "wa ya ce miki super ce?" Wannan ba za ta maido kayan ba, amma ba za ki sake ganin kuɗinta ba, kuma sai ta gaya wa mutum goma.

Ki juya bakin atamfar ki karanta sunan da ke jiki, shi za ki rubuta. In ba ki yarda da sunan ba, ki faɗi abin da hannunki ya tabbatar: auduga ce ko da roba a ciki, ciki da waje zanen ɗaya ne ko cikin ya fi fari, tana zuba ko ba ta zuba. Kin wanke ƙyalle kin gani?

Maman Khairat (Mabera): Gaskiya ban wanke ba.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Tashi yanzu. Ɗauki ragowar kowace kala, ki jiƙa da ruwan sabulu a kofi daban-daban, bayan minti goma ki matse cikin farin ƙyalle. In farin ya ɗauki launi, tana zuba. Ruwan farko yakan ɗan yi kauri saboda sitacin kamfani, wannan ba zuba ba ne, farin ƙyallen za ki duba. Kada ki rubuta "ba ta zuba" sai kin yi haka. Ja da shuɗi mai duhu su na fi zargi.

Nafisa 'yar Illela: Ni tawa matsalar daban ce amma bari in faɗa tunda ana maganar hoto. Wata amarya ta kawo mini ɗinkin fitar biki kala huɗu, na gama, suka yi kyau, na ɗora a sitatus na rubuta "sabon aiki". Kafin la'asar ƙawarta ta gani, kafin magariba dangin ango sun gani. Uwar amarya har shago ta zo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wai kayan da za a gani ran walima duk gari ya riga ya gani. Sannan mutum uku suka ce suna so, alhali atamfar ba tawa ba ce, ban ma san inda aka saye ta ba.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Allah Ya kyauta Nafisa, kayan mutane sai da izini, kuma sai bayan an sa. Amma kin taɓo abin da ya shafi Maman Khairat. Mutanenmu sun saba in tela ya ɗora hoto, samfur ne, a kawo yadi a yi irinsa. To dole layin farko ya faɗa cewa waɗannan ɗinkakku ne, na sayarwa, suna nan a ƙasa, kowace kala guda ɗaya. In ba haka ba rabin masu tambaya kuɗin ɗinki suke tambaya, ke kuma kina ba su kuɗin kaya, su ce kin cika tsada.

Maman Khairat (Mabera): Wallahi haka aka yi! Wata da na ce mata dubu ashirin da uku ta ce "ɗinkin kawai?" ta sa alamar dariya, ba ta sake magana ba.

To yanzu babbar tambayar. In sa kuɗin a rubutun ko in bari a tambaya?

Malam Bello Tela (Tsohuwar Kasuwa): Nan kam ni da Hajiya za mu rabu, na sani. Kar ki sa. Shekara talatin nika bisa keke, ban taɓa ganin Basakkwace ya sayi abu bai taya ba. In kinka rubuta ashirin da uku, ta ce sha takwas, ki ce a'a, ta ji kin wulaƙanta ta. In kinka rage mata, wadda tas saya ashirin da uku ta ji labari ta ce kin cuce ta. Na biyu, maƙwabciyarki tela na gani, gobe ta ɗora irin naki ashirin da biyu. Na ukku, shi af fi girma: mace ba ta son a san kuɗɗin abin da ke jikinta. Ta shiga taro da rigar da duk wanda ke da lambarki ya san nawa ta. Kishiya ta sani, dangin miji sun sani. Wagga magana ba ƙarama ba ta.

Ummu Sudais: Malam na ukun nan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba 😂 Amma kuma ni in na ga "a yi DM" abin da ke zuwa raina shi ne za a duba hotona a yanka mini kuɗi daidai da gyalena. Kuma kunya nake ji in tambaya a faɗa in kasa saye, musamman in na san mai kayan. Sai in ƙi tambaya gaba ɗaya.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Malam Bello, a shago maganarku dutse ce. Mutum yana tsaye gabanka, ya taɓa kaya, ya sha rana ya zo, tayi yana kai ga ciniki. A waya "nawa?" ba tayi ba ne, kyauta ake rubuta shi, mutum yana kwance. Maman Khairat ta amsa hamsin ta sayar da ɗaya. Da kuɗin na rubuce, waɗanda ba su da shi da sun wuce salin alin, ta samu barcinta, biyar ɗin da suka yi magana su ne masu niyya.

Maganar maƙwabciya kuwa, in tana son sanin kuɗinki ƙanwarta za ta sa ta tambaya, cikin hamsin ɗin nan ma wa ya sani.

Na ukun ne ban da amsarsa cikakkiya. Abin da nake yi, da zarar an sayi kaya sai in gyara rubutun, in goge kuɗin in sa "an saya". A Instagram da Facebook ana gyara rubutu bayan an ɗora. Sitatus ba a gyara shi, amma shi bayan awa 24 ya tafi da kansa. Wanda ya gani ya gani, ban ce ya warware duka ba.

Malam Bello Tela (Tsohuwar Kasuwa): Wanda yag gani kuma ya yi sikirinshot, Hajiya.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Ya yi. Amma ɗinkakkun dubu ashirin da wani abu ba kayan lefe ba ne. In leshi ne ko shadda mai aiki na amarya, ni ma ba na sa kuɗi.

Asma'u Arkilla: Ko ta rubuta "daga dubu 20 zuwa sama", kowa ya samu nasa.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Wannan ya fi babu, amma kowace za ta ɗauka wadda ta so ita ce ta ashirin. Maman Khairat, nawa kowace ta tsaya miki?

Maman Khairat (Mabera): Riga da siket: atamfa 11,500, shafi da zif da zare da gam kusan 2,000, ɗinkina na sa 7,000. Ya kama 20,500, ina son sayarwa 23,000. Doguwar riga ma haka. Bubu ba shafi, aikinsa kaɗan, 20,000.

Malam Bello Tela (Tsohuwar Kasuwa): To kin gani. Tsakaninki da uwar kuɗɗi dubu biyu da rabi. In za ki rubuta, ki rubuta ashirin da biyar, a taya ki sauko.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Ko ta rubuta ashirin da uku ta ce kuɗin ke nan, ta tsaya a kai ga kowa. Wata biyu za a yi ana gwada ta, daga nan a saba. Amma wannan ke za ki zaɓa, ki dai zaɓi ɗaya. Abin da ke kashe mutum shi ne ya rubuta ba ragi sannan ya rage wa 'yar ajinsu.

Wani abu kuma da ba ki faɗa ba: da kallabi ko babu? Turmi yadi shida ne. Riga da siket yakan ci huɗu zuwa huɗu da rabi, to mai saye ta san akwai saura, za ta tambaya. In kin fitar da kallabi ki rubuta, shi kaɗai yana sa a ga kuɗin bai yi yawa ba.

Maman Khairat (Mabera): Duk da kallabi, yadi ɗaya-ɗaya. Na dawo daga gwajin kuma. Bakwai lafiya lau. Mai ja da baƙi ta ɓata farin ƙyallen sosai, kuma ita ce ta fi kyau a cikinsu 😭

Hajiya Luba (Gawon Nama): Ba asara ba ce. Ki rubuta "a wanke ta ita kaɗai". Mata sun san jan atamfa, ba wadda za ta fasa saboda haka, amma in ta haɗa da farin hijabinta ba ki faɗa ba, ke za a zaga. Rubuto mu gani.

Maman Khairat (Mabera): Ga shi:

"Assalamu alaikum masoyana abokan arziki na kusa da na nesa, ina yi muku fatan alheri, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Cikin ikon Allah mun sake zuwa muku da zafafan ɗinkakkun atamfa masu ɗaukar ido kala takwas. Akwai doguwar riga, riga da siket da bubu, daga ƙirji 36 zuwa 44, kuɗi 20,000 da 23,000, duk da kallabi. Muna Mabera."

Inna Kulu: Masha Allah, wanga ya yi. Akwai ladabi.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Akwai ladabi Inna, amma ladabin ya cinye wurin. A Instagram layi ɗaya zuwa biyu kawai ake gani, sauran yana ɓoye sai an taɓa `more`, kuma yawanci ba a taɓawa. Mai wucewa abin da za ta gani shi ne "masoyana abokan arziki na kusa da", shi ke nan. Ki yi sallama gajera, kayan su biyo nan take.

Sannan "daga 36 zuwa 44" ya maido ki gidan jiya. Wace ce 36, wace ce 44? Za a koma "mai koren nan nawa ne sayiz ɗinta", ke kuma kina da kore biyu. Ki ba kowace lamba, ki rubuta lambar a jikin hoton kansa, don hoto yawo yake, ana tura shi zauren dangi ba tare da rubutunsa ba. Ki kuma faɗi launi da baki. Ranar garin nan in kin ɗauki hoto da tsakar rana makuba sai ta koma ja, shuɗi ya kode. Ki ɗauka a inuwa da hantsi, ba filta. Ga yadda zan rubuta, ki gyara lambobin da naki:

"Salam. Ɗinkakkun atamfa 8, suna ƙasa, kowace guda ɗaya ce, duk da kallabi.
Awon da na sa na jikin mai sawa ne.
1. Doguwar riga, algashi da ruwan ƙwai. Ƙirji 37–38, tsawo 58. ₦23,000
2. Riga da siket, makuba. Ƙirji 40, ƙugu 34, hif 44, tsawon siket 42. ₦23,000
3. Bubu, ja da baƙi, tsawo 57. A wanke shi shi kaɗai. ₦20,000
(haka har 8)
Auduga ce, masu zif duk da shafi, ana iya ƙara inci 2.
Mabera. Cikin gari kabu-kabu, kuɗin kaiwa na mai saye ne. Birnin Kebbi, Gusau, Illela ta tasha.
Turo lambar wadda kike so."

A sitatus kuma kada ki zuba wannan duka ƙasan hoto ɗaya. Kowane hoto da layinsa.

Asma'u Arkilla: Hajiya wannan ai kamar rasit 😩 Ba ɗan armashi ko kaɗan. Ni wallahi in na ga haka ba ya burge ni.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Armashin yana hoton. Amma ban hana layi ɗaya ba, in dai abin da ya faɗa na rigar ne. "Zafafa masu ɗaukar ido" kowa ya rubuta, ido ya daina ganinsa. In ta ce "lamba 1 tana da aljihu biyu, waya na shiga", ko "lamba 5 zif ɗinta a gaba yake, mai shayarwa za ta ji daɗinta", wannan shi ke tsayar da yatsa.

Ummu Sudais: Tsaya, da gaske akwai mai zif a gaba? Ina da jariri wata huɗu.

Maman Khairat (Mabera): Akwai, amma lamba 6 ce, doguwar riga ruwan toka da hoda. Ita 42 na yanka, wato ta mai 40 ke nan ko Hajiya? Kin ga na fara koyo.

Ummu Sudais: Da shayarwar nan na kai 40 ai. Ki turo mini hotonta ta gefe.

Asma'u Arkilla: To Turancin fa, an watsar da maganata ke nan?

Hajiya Luba (Gawon Nama): Ba a watsar ba. Ta duba waɗanda suka yi mata magana wancan karon, da wane harshe suka rubuto? In akwai masu Turanci, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa. Lambobi dai ba su da yare. Ni masu sayena har da matan Ƙonni, Hausa ce ta haɗa mu, Turanci bai yi musu komai.

Nafisa 'yar Illela: Su kam santimita wasunsu suke ba ni ma, sai na juya tef.

Maman Khairat (Mabera): Na ɗora tun bayan isha'i jiya, da kuɗin a jiki, Malam Bello a yi haƙuri. Zuwa yanzu mutum tara suka yi magana. Lamba 6 Ummu Sudais ta saye ta, lamba 3 mai zubar nan ita aka fara biya. Biyu sun taya sha tara na ce a'a, ɗaya ta yi fushi. Amma ga sabuwa: lamba 2 mutum biyu kowace ta ce "na ɗauka, ki ajiye mini", ba wadda ta turo ko sisi. Ta farkon matar yayan mijina ce, ta ce sai ƙarshen wata. Ta biyun ban san ta ba, daga Gwiwa, ta ce gobe da safe.

Hajiya Luba (Gawon Nama): Laifina ne, na manta layi ɗaya. Ki gyara rubutun yanzu ki ƙara "wadda ta fara biya ita ke da kaya, ba a ajiyewa sai da rabin kuɗi". Sai ki tura wa su biyun a lokaci ɗaya.

Malam Bello Tela (Tsohuwar Kasuwa): Ki tura ma matar yayan mijinki wanga layi? Hajiya kina son a yi taron dangi bisa riga. Ki sai ma ta Gwiwa, ki koma kasuwa ki ɗauko irin atamhwar ki ɗinka ma ta gida da awonta.

Maman Khairat (Mabera): Turmi ɗaya ya rage a shagon ranar da na saya Malam, shi ne wannan. Bari in kira shi in ji ko an kawo wata. An kawo wuta kuma, zan je in goge lamba 6 kafin ɗan kabu-kabun ya iso.